Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamitin jarrabawar tantancewa, kan tambaya ta 12 da ta 23 da ta 41

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaban kwamiti, da sauran iyayenmu da malamanmu da ke cikin wannan kwamiti, ina gaishe ku da aiki, Allah ya ƙara girma. Ni malamin lissafi ne a ɗaya daga cikin makarantun shiyyar nan, kuma ina cikin waɗanda aka tara domin duba takardun jarrabawar tantancewa ta ɗaliban aji biyu na babbar sakandare. Ina rubuta wannan wasiƙa a madadin abokan aikina da muka zauna a teburi ɗaya muna maki, da kuma yaran da takardunsu suka bi ta hannunmu, waɗanda ba su da hanyar da za su iso gabanku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takardar sanarwar da ta zo mana bayan mun kai rahoton cewa tambayoyi uku a takardar lissafi suna da matsala. Sanarwar ta ce a ci gaba da maki bisa takardar amsoshi yadda aka aiko ta, kuma kwamiti ba zai karɓi ƙorafi kan kowace tambaya ba, domin kada a buɗe ƙofar gardama. Na fahimci tsoron. Wanda ya taɓa riƙe jarrabawa ya san cewa in ka saurari uzuri ɗaya, gobe goma za su biyo baya. Amma kun fi ni sanin abin da ke rataye a wuyan wannan jarrabawa: wanda ya ci ne ake biya wa kuɗin rajistar jarrabawar ƙarshe, wanda ya faɗi kuma sai iyayensa su nemo, ko ya zauna a gida. Tambayoyin zaɓi hamsin ne, makin tsallakewa 25. Saboda haka tambaya uku ba abin wasa ba ne ga yaron da ya tsaya a 23 ko 24.

Bari in kawo tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, domin cutarsu ba iri ɗaya ba ce, maganinsu ma haka. Da Turanci aka yi su, ma'anarsu zan kawo.

Ta 23 ta fi sauƙin bayani. Ɗan kasuwa ya sayi kaya naira 8,000 ya sayar naira 10,000, kashi nawa cikin ɗari ya ci riba? Ribar 2,000 ce, kuma a kan kuɗin saye ake auna ta, don haka 2,000 bisa 8,000 ya ba da kashi 25, wato zaɓin B. Takardar amsoshi ta ce C, kashi 20. Duk malamin lissafi ya san inda 20 ta fito: an raba ribar da kuɗin sayarwa ne. Wannan shi ne kuskuren da muke shafe makonni muna cire wa yara daga kai, kuma da gangan ake sa 20 a cikin zaɓin domin ta kama wanda bai gane ba. Tambayar lafiyarta ƙalau, takardar amsoshi ce ta faɗa tarkon da aka ɗana wa ɗalibi. In muka bi umarninku, za mu ba wanda ya yi kuskure maki, mu ja wa wanda ya yi daidai jan biro.

Ta 12 ta ce: in x² = 5x, mene ne x? Zaɓin su ne 0, 1, 5 da 25. Takardar amsoshi ta ce 5. Ba ƙarya ta yi ba, 5 sau 5 ya ba da 25, kuma 5 sau x ma 25 ne. Sai dai sifili ma amsa ce, domin sifili sau sifili daidai yake da 5 sau sifili. Yaron da ya yi gaggawa ya raba ɓangarorin biyu da x, shi 5 kaɗai zai gani, ya shafa ya wuce hankalinsa kwance. Yaron da ya bi hanyar da manhaja ta koyar, ya mayar da ita x(x − 5) = 0, zai ga amsa biyu suna kallonsa a cikin zaɓin, kuma an ce masa ɗaya zai shafa. Daga nan ba lissafi yake yi ba, canki-canka yake. Da an ƙara kalma ɗaya a tambayar, an ce x ba sifili ba ne, ko an cire sifili daga zaɓin, da babu maganar.

Irin wannan ba a lissafi kaɗai take faruwa ba. Malamar Hausa da ke teburin kusa da namu ta nuna mini wata tambaya a takardarsu da ke neman jam'in kalmar jaki, aka sa jakuna da jakai duka a zaɓi, takardar amsoshi ta ɗauki ɗaya. Yanzu wane Bahaushe ne zai tsaya ya ce ɗayar ba Hausa ba ce? Ba zan shiga gonarsu ba, su za su yi magana da bakinsu, na ambata ne don ku ga matsalar ta wuce takarda ɗaya.

Ta 41 ita ce ta fi ci mini rai. An ba da alwatika mai gefe uku, santimita 5 da 7 da 13, aka ce a nemo tsawon kewayenta. Takardar amsoshi ta ce 25, kuma in tarawa kawai za a yi, 25 ɗin ce. Amma babu irin wannan alwatika a duniya. Ka yanko kara uku, na santimita 5 da na 7 da na 13, ka shimfiɗa dogon a ƙasa, ka kafa gajerun biyu a bakinsa biyu ka ce su haɗu a sama. Ba za su haɗu ba, ko da ka kwantar da su gaba ɗaya, domin 5 da 7 sha biyu ne, sauran santimita ɗaya a tsakani. Dokar ita ce kowane gefe biyu in aka haɗa su sai sun zarce na ukun, kuma tana cikin abin da muke koya wa yaran nan. Ina zaton wanda ya rubuta tambayar ne bai duba ko adadin uku suna haɗa alwatika ba. Ɗan'adam ajizi ne, ni ma na taɓa buga tambaya a makarantarmu da adadi ya juye mini, ba ni da bakin zargin kowa.

Abin da ya biyo bayan wannan tambaya a ɗakunan jarrabawa shi ne ƙorafina na biyu. A cibiyarmu wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce wa mai tsaron ɗakin alwatikar ba ta yiwuwa. Bawan Allah ba malamin lissafi ba ne, kuma ba a ba shi wani umarni kan irin wannan ba, sai ya ce mata ta amsa abin da ta gani. Daga baya ta gaya mini ta kai minti biyar tana sake zane a bayan takarda, tana zaton ita ce ta kauce, har ta bar tambayoyi biyu na ƙarshe ba ta taɓa ba. A wata cibiyar kuma, wani malami da niyyar alheri ya rubuta a allo cewa a mayar da 13 ta zama 11. Yaran suka tara suka sami 23, ga ta kuwa a zaɓin A, suka shafa. Takardar amsoshi ba ta san da wannan gyara ba. Ɗaki guda ke nan za a kayar a tambayar saboda sun bi maganar malaminsu. A sauran cibiyoyin babu wanda ya ce uffan. Takarda ɗaya aka buga, amma jarrabawa uku aka yi.

Na san amsar da za a iya ba ni kan ta 41: ai ko alwatikar ba ta yiwuwa, kowa ya san tarawa ake nufi. Wannan hujja an taɓa kai ta gaban alƙali, kuma ba ta tsaya ba. A Koriya ta Kudu, a jarrabawar shiga jami'a ta watan Nuwamba 2021, tambaya ta 20 a takardar kimiyyar halittu ta biyu tana da sharuɗɗan da in ka bi su har ƙarshe, adadin dabbobin wani rukuni yakan fito ƙasa da sifili. Hukumar jarrabawar ta amince cewa sharuɗɗan ba su cika ba, amma ta ce duk da haka ana iya kaiwa ga amsar da ake so. Ɗalibai 92 suka kai ƙara. A watan Disamba kotun Seoul ta soke amsar, aka ba kowa makin, shugaban hukumar ya ajiye aiki. Dalilin da ya sa hujjar ba ta tsayawa a fili yake: tana nufin ɗalibi ya rufe ido ga abin da ya sani domin ya dace da abin da mai tambaya ya yi niyya. Wanda bai san dokar alwatika ba ya tara ya wuce cikin daƙiƙa ashirin. Wadda ta sani ita ta biya da minti biyar.

Ranka ya daɗe, kada a ɗauka ra'ayin malamai uku ko huɗu ne kawai. Takardun yaran da kansu suna ba da shaida, kuma akwai hanyar sauraronsu da ba ta bukatar komai sai takarda da biro. Ga yadda na yi. Na ɗauki takardu ɗari daga cikin waɗanda aka ba teburinmu, na jera su bisa jimillar maki daga babba zuwa ƙarami. Na ware 27 na sama da 27 na ƙasa, na ajiye na tsakiya gefe. Wannan rabo na kashi 27 tsohuwar ƙa'ida ce a fannin auna jarrabawa, tun daga aikin Truman Kelley na 1939, kuma ana koyar da ita a kwalejojin ilimi. Sai a duba kowace tambaya: mutum nawa a rukunin sama suka dace da takardar amsoshi, nawa a rukunin ƙasa? A cire na ƙasa daga na sama, a raba da 27. Tambaya mai lafiya takan ba da adadi sama da sifili, domin masu ƙoƙari sun fi cin ta. In adadin ya kusa sifili, tambayar ba ta bambanta kowa da kowa. In ya faɗa ƙasa da sifili, to ana cewa raunana sun fi masu ƙoƙari sanin amsar, kuma wannan ba ya faruwa haka kawai.

A tambaya ta 23, cikin 27 na sama, mutum 4 ne suka zaɓi C ɗin da takardar amsoshi ke so, 22 suka zaɓi B. Cikin 27 na ƙasa, 11 suka zaɓi C, 7 suka zaɓi B. In C ce amsa, 4 a cire 11 a raba da 27 ya ba da kusan −0.26. In B ce, 22 a cire 7 a raba da 27 ya ba da kusan 0.56, wanda alama ce ta tambaya mai kyau ƙwarai. Ko mutum bai karanta tambayar ba, ya ga waɗannan adadi ya san inda zai duba. A ta 12 kuwa alamar daban ce: rukunin sama ya rabu gida biyu tsakanin 0 da 5, kusan babu wanda ya taɓa 1 ko 25. Duk inda ka ga zaƙaƙuran yara sun kasu kan zaɓi biyu sun bar sauran, to ka sake warware tambayar, mai yiwuwa duka biyun suna da gaskiya. Aikin nan bai ci mini fiye da yammaci biyu ba, ni kaɗai, a takardu ɗari.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, wannan awo yana da iyaka, kuma dole in faɗe ta. Na farko, nuni yake yi, ba hukunci ba. Wani lokaci adadi yakan faɗi ƙasa don kawai malamai da yawa sun koyar da abu a karkace, takardar amsoshi kuma ita ke da gaskiya. Sai mutum ya zauna ya warware tambayar kafin a ce komai. Na biyu, akwai kuskuren da ba ya gani sam. Ta 41 ta tsallake shi lafiya, domin yawancin yara, na sama da na ƙasa, 25 suka shafa. In kowa ya yi kuskure iri ɗaya da mai tambaya, adadi ba zai tona ba.

Akwai sanannen misali a kan haka. A Amurka, a jarrabawar shiga jami'a ta SAT ta watan Mayu 1982, an ba da da'ira biyu, ƙaramar faɗinta sulusin na babbar. Aka ce ƙaramar ta gangara a jikin babbar daga waje har ta dawo inda ta tashi, sau nawa ta juya? Masu tambaya sun ce 3, tun da kewayen babbar ya ninka na ƙaramar sau uku. Amsar gaskiya 4 ce, kuma ba ta ma cikin zaɓin. Dalili shi ne cibiyar ƙaramar da'irar ba a jikin babbar take tafiya ba, tana zana wata da'ira ce da ta fi babbar faɗi, wadda kewayenta ya ninka na ƙaramar sau huɗu. Wanda ke shakka ya ɗauki murfin kwalba biyu masu girma ɗaya, ya yi wa ɗaya alama, ya danne ɗayan, ya gangara mai alamar a jikinsa. Hankali zai ce sau ɗaya zai juya, ido zai ga sau biyu. Kimanin ɗalibai 300,000 ne suka zauna jarrabawar, uku kacal suka rubuta wa hukumar cewa babu amsa a zaɓin. Hukumar ta duba, ta amsa kuskurenta, ta soke tambayar, ta sake lissafa maki. Da tana da doka irin ta sanarwarku, da wasiƙun yaran uku ba su wuce bakin ƙofa ba. Wannan ne ya sa nake ganin rufe ƙofar ƙorafi ya fi kurakuran uku kansu illa. Wani kuskuren ɗalibi ɗaya ne cikin dubbai zai gan shi, kuma sai an bar masa wurin da zai faɗa.

Ba sai mun je nesa ba ma. A watan Agusta 2025 WAEC ta fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, aka ga kashi 38.32 ne kawai suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta fito ta ce an duba takardar zaɓi ta Turanci da amsoshin da ba nata ba, saboda tangarɗa a tsarin jujjuya jerin tambayoyi da ta shigo da shi. Ta nemi afuwa, ta sake fitar da sakamako, adadin ya koma kashi 62.96. An yi surutu, babu shakka. Amma hukumar da ta fi mu girma nesa ba kusa ba ta gyara a bainar jama'a, kuma yaran da aka kayar bisa kuskure sun sami haƙƙinsu. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

To yanzu ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a dakatar da fitar da sakamakon lissafi har a warware tambayoyin nan uku, kowace da irin maganinta. Ta 23 a gyara takardar amsoshi ta koma B, a sake duba wannan layi a dukkan takardu. Ba a soke ta, ba a kuma ba kowa maki, domin tambaya ce mai kyau da ta yi aikinta. Wanda ya ce 20 ya yi kuskure ne. Ta 12 a karɓi 0 a karɓi 5, wanda ya zaɓi 1 ko 25 bai ci ba. Soke ta zai zama zalunci ga waɗanda suka yi aiki suka kai ga amsa, ba kowa maki kuma kyauta ce ga wanda bai kai ba.

Ta 41 ce ke bukatar a yi tunani, domin hanya biyu ce kuma ba wuri ɗaya suke kaiwa ba. Ana iya cire ta a auna kowa a kan 49, ana kuma iya ba kowa makinta a bar jimilla 50. Mu ɗauki yara biyu. Na farko yana da 25, har da makin ta 41 da ya samu ta hanyar tarawa. In aka cire tambayar ya koma 24 bisa 49, wato ƙasa kaɗan da kashi 49, ya faɗi ke nan bayan ya ci. In aka ba kowa, yana nan a 25 ɗinsa. Ta biyu tana da 24 kuma ba ta dace a ta 41 ba. In aka cire, ita ma 24 bisa 49 ce, ba ta tsallake ba. In aka ba kowa ta zama 25, ta wuce. A wajen masana awo, cirewa ta fi tsabta, domin ba ta ba kowa makin abin da ba a gwada shi a kai ba, kuma a jarrabawar da jera ɗalibai kawai ake yi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe hanyoyin biyu jeri ɗaya suke bayarwa. Amma tamu tana da layin da aka ja a 25, kuma kuskuren namu ne, mu manya. Ra'ayina shi ne a ba kowa. Na san hakan zai tsallakar da wasu 'yan kaɗan da ƙila da tambayar ta yi daidai ba za su ci ta ba. Na fi yarda da wannan asara a kan a kayar da yaro saboda kuskuren wanda ya rubuta tambaya. Ko da hakan ma ba a biya ɗalibar nan minti biyar ɗinta ba, wannan babu lissafin da zai dawo da shi.

Wanda zai yanke hukunci kan tambayoyin kuma kada ya zama wanda ya rubuta su. Ba don rashin amana ba. Mutum in ya rubuta tambaya, abin da ya yi niyya yake gani a takarda, ba abin da ya rubuta ba, ko sau goma ya karanta. A nemo malamai uku na fannin daga makarantu daban, a ba kowannensu tambayar shi kaɗai ba tare da takardar amsoshi ba, ya warware ya rubuta dalilinsa. In su ukun sun haɗu a amsa ɗaya, magana ta ƙare, ko ta dace da mai ƙorafi ko ta saɓa masa. In sun rabu, rabuwar tasu ita ce shaidar cewa tambayar ba ta dace da yaro ɗan aji biyu ba. Wannan aiki da an yi shi kafin a kai takarda maɗaba'a, a kan kwafin ƙarshe da za a buga ba a kan rubutun hannu ba, da duka ukun an kama su a zama ɗaya. Don haka muna roƙon ya zama ƙa'ida daga baɗi: babu takardar da za a buga sai wanda bai ga amsoshi ba ya zauna ya amsa ta kamar ɗalibi.

Sai maganar ɗakin jarrabawa. Masu tsaro suna bukatar umarni rubutacce, gajere, da za a karanta wa yara kafin a fara. Mai tsaro ba ya gyara tambaya, ba ya fassara ta, ko da malamin fannin ne kuma ya tabbata da kuskuren. In ɗalibi ya nuna matsala, a rubuta lambar tambayar da abin da ya ce da lokacin da ya faɗa a takardar rahoto, a sa ta cikin ambulan ɗin takardun. Gyara a allo ba ya halatta sai in daga kwamiti ya fito kuma zai isa kowace cibiya a lokaci ɗaya. In ba za a iya tabbatar da haka ba, gara a bar tambayar yadda take a gyara wajen maki. Su kuma yara a gaya musu tun daga aji abin da za su yi, mu ma malamai aikinmu ne. Ka sake karanta tambayar sau ɗaya, domin sau da yawa idonka ne ya tsallake kalma. In har yanzu ba ta zauna ba, ka sanar da mai tsaro, ka zaɓi abin da ya fi kusa da abin da kake ganin ana nufi, ka wuce, ka dawo in lokaci ya rage. Kada ka bar gurbin babu komai tun da ba a rage maki kan amsar da ba daidai ba, kuma kada ka shafa biyu. A ɓangaren da ake rubuta aiki dalla-dalla kuwa, ɗalibi ya rubuta a fili abin da ya lura da shi da abin da ya ɗauka, misali ya ce gefen nan uku ba sa haɗa alwatika, amma in tarawa ake nufi jimilla 25 ce. Mu masu maki kuma a ba mu izini a rubuce mu ba irin wannan amsa cikakken maki. A yanzu takardar amsoshi ba ta ba mu wannan dama ba, mai tausayi ya bayar, mai tsoro ya hana, makin yaro ya dogara ga teburin da takardarsa ta faɗa.

Roƙo na ƙarshe shi ne a janye sakin layin da ya hana ƙorafi, a maye gurbinsa da ƙofa mai ƙa'ida. Tsoron ambaliyar ƙorafi yana da magani. A ba da mako ɗaya bayan jarrabawa, kafin sakamako ya fito, lokacin da babu wanda ya san makinsa balle ya yi gardama don neman ƙari. Ƙorafi ya biyo ta hannun shugaban makaranta, a rubuce, da lambar tambaya da aikin da ke nuna matsalar. Wanda ya ce tambaya ta yi wuya ko ba a koya musu ba, wannan ba ƙorafin kuskure ba ne, a ajiye shi. Abin da aka yanke kan kowace tambaya a aika wa dukkan makarantu da dalilinsa cikin layi biyu ko uku, kuma gyaran ya shafi kowane ɗalibi, ba sai wanda makarantarsa ta yi magana ba.

Takardu ɗarin da na yi aiki a kansu suna nan a jere yadda na ware su, da takardar da na yi ƙidaya a kai, da rahoton mai tsaron ɗakinmu. Abokan aikina biyu sun ce a shirye suke su yi irin wannan ƙidaya ga sauran tambayoyi 47 in aka ba mu izini, kuma muna ganin kwana uku sun ishe mu. Duk ranar da kwamiti ya kira, za mu zo da su.

Allah ya taimaki shugaba, ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Malamin lissafi, a madadin malaman da ke duba takardun lissafi na shiyya.